Yadda za ka shirya darasin gaisuwa da roƙo cikin Turanci ta hanyar hira

Tambaya: Ina koyar da manya Turanci a makarantar dare a Kano, yawancinsu yaran shago ne a Kantin Kwari, mutum 24. Sun haddace kalmomin gaisuwa, amma in mai saye ya yi musu Turanci sai su daburce, in kuma suka nemi abu sai a ga kamar umarni suke bayarwa. Yaya zan shirya darasi ɗaya na hira da zai gyara wannan?

Amsa:

Malam, ka ajiye jerin kalmomin nan a gefe tukuna. Ka rubuta hira guda ɗaya gajeriya, wadda ta faru a cikin shago irin nasu, ka ƙare sa'a guda a kanta ita kaɗai. Ka kuma riƙe abu ɗaya a ranka tun kafin ka shiga aji, domin a kansa darasin zai tsaya: Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye ladabi ba. Bahaushe yakan zuba ladabinsa a gaisuwa. Ya yi sallama, ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da kasuwa, ya ce ranka ya daɗe ko Hajiya, watakila har ya ɗan rusuna. In ya gama wannan, ya ce "ba ni wancan" babu wanda zai ga rashin kunya, domin ya riga ya biya haƙƙin girmamawa. Turanci kuwa gaisuwarsa ba ta wuce layi biyu, ladabin yana cikin ƙirar jimlar roƙon kanta, wadda ake juyawa ta zama tambaya. Ɗalibinka da ya gaisa da kyau sannan ya ce *Give me the money* bai yi niyyar raini ba, tsarin Hausa ya bi da kalmomin Turanci. Aikinka a wannan sa'a shi ne ka gajarta masa gaisuwa, ka tsawaita masa roƙo.

Ga hirar da za ta isa. Ita ce abin da za ka rubuta a allo daga baya, ba tun farko ba:

Mai shago: *Good morning, madam.*
Mai saye: *Good morning. How are you?*
Mai shago: *I'm fine, thank you. And you?*
Mai saye: *Fine, thanks. Can I see the blue one, please?*
Mai shago: *Sure. Here you are.*
Mai saye: *Thank you. Could you open it, please?*
Mai shago: *Of course.*
Mai saye: *Thank you very much.*
Mai shago: *You're welcome.*

Ma'anarta a taƙaice: sun gaisa, matar ta nemi a nuna mata shuɗiyar atamfa, mai shago ya ce ga ta, ta roƙe shi ya warware mata ita, ya amsa da to, ta yi godiya, ya ce ba komai. Layi tara ne, babu wanda ya wuce kalma tara. Kada ka ƙara mata ciniki da farashi, ko da ɗalibai sun matsa maka, kuma za su matsa, tunda sana'arsu ce. Lambobi darasi ne mai zaman kansa, in ka cusa su nan za su cinye lokacin roƙon da kake son gyarawa. Abin da ya sa wannan hira ta dace shi ne tana ɗauke da roƙo iri biyu a jere, ɗaya na neman izini, ɗaya na neman wani ya yi maka abu, kowanne da amsarsa.

Ka zo aji da ƙyallaye uku ko huɗu masu launi daban-daban, ko da guntayen yadi ne daga wurin tela, ka ninke su a kan tebur. Minti biyar na farko na kunne ne kawai. Ka faɗa musu da Hausa cewa nan shago ne, ƙarfe goma na safe, wata mata da ba ta jin Hausa ta shigo. Sannan ka yi hirar kai kaɗai sau biyu, kana sauya wurin tsayuwa: bayan tebur kai ne mai shago, gaban tebur kai ne mai saye. Ka nuna ƙyalle da yatsa a wurin roƙon farko, ka miƙa shi a wurin *Here you are*, ka warware shi a wurin roƙo na biyu. Bayan haka ka tambaye su da Hausa me matar ta nema da farko, me ta nema daga baya. In sun amsa daidai, sun fahimci hirar ba tare da ka fassara kalma ɗaya ba, kuma fahimtar da ta shiga ta wannan hanya ta fi zama.

Dalilin hana su ganin rubutu a wannan mataki mai ƙarfi ne. Wanda ya iya karanta Hausar boko ya saba kowane harafi yana da sautinsa, ana karanta abu yadda aka rubuta shi. In ya fara ganin *could* a allo zai furta lam ɗin da ke ciki, alhali ba a furta shi, kuma in bakinsa ya kama haka sai ka sha wahala kafin ka cire. In kunnensa ne ya fara ji, "kud" zai riƙe, rubutun ya zo daga baya ya tarar da sautin a zaune.

Minti goma sha biyar na gaba na maimaitawa ne, layi-layi. Ka faɗa, aji duka su maimaita sau uku, sannan ka nuna mutum uku ko huɗu ɗaiɗai, ba bisa jerin zama ba, domin in suka gane jeri kake bi na ƙarshen layi zai daina saurare. Maimaitawar taro tana ɓoye mai kuskure, ta ɗaiɗai ce ke fito da shi. Layin da zai ba su wuya shi ne na huɗu, saboda tsawonsa. Ka gina shi daga ƙarshe zuwa farko: *please*, sai *the blue one, please*, sai *see the blue one, please*, sannan cikakkiyar jimlar. Ana yin haka ne don karin muryar jimla a ƙarshenta yake, in ka fara daga can ɗalibi kullum yana ƙarasawa ne a wurin da ya fi iyawa, maimakon ya fara da ƙarfi ya ƙare da in'ina. Ka kuma koya musu kalmomin a haɗe yadda ake faɗarsu: *Can I* yana fita kamar "kanai", *Could you* kamar "kuju". Mai saye ba zai rarrabe musu kalmomi ba, don haka wanda ya koyi "kud" daban "yu" daban ba zai gane su ba in ya ji su a kasuwa. Wannan na cikin manyan dalilan daburcewar da ka ambata.

A nan ne matsalar furuci za ta fito, kuma ba dukkanta ce ta cancanci lokacinka ba. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce kalmar *please*, domin tana haɗa wahala biyu. Ta farko, Hausa ba ta raba sautin pa da na fa a matsayin baƙaƙe biyu masu bambanta ma'ana. Baƙi ɗaya ne, wanda ake yi da leɓɓa biyu, kuma furucinsa na sauyawa daga gari zuwa gari, har a Sakkwato da ƙasar Nijar ma ya koma kamar ha. Ta biyu, Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba tare da wasali a tsakani ba. Kalmar firamare da muka ara ta nuna duka biyun: pa ya koma fa, an kuma cusa wasali a tsakanin baƙaƙen farko. Abin da zai faru da *please* ke nan, za ka ji "filiz" ko "filis". Gyaran pa na ido ne. Ka sa kowa ya riƙe guntuwar takarda a gaban bakinsa, ya rufe leɓɓansa ruf, ya tara iska, ya sake ta lokaci ɗaya. In takardar ta yi tsalle sau ɗaya, pa ne. In ta karkata a hankali kamar ana hura mata iska, leɓɓan ba su rufe ba. Na fa ɗin Turanci kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, ka sa su kalli bakinka a kalmar *fine*. Gyaran wasalin da ake cusawa kuma daga baya ake farawa: su ce "liz" sau da yawa, sannan su rufe leɓɓa kafin su faɗe shi, harshe na zaune a wurin lam tun leɓɓan ba su buɗe ba. Haka za ka yi da *blue*, wadda za ta so ta koma "bulu". Minti uku ya isa, ba a rana ɗaya ake gama wannan ba.

Wadda za ka ƙyale ita ce sautin farkon *thank*. Ɗalibanka za su ce "sankyu", mutanen kudu da yawa suna cewa "tankyu", kuma babu mai saye da zai kasa ganewa. Ka nuna musu sau ɗaya yadda ake sa kan harshe tsakanin haƙora, ka wuce. Haka ma *very* da za ta fita "beri". Malamai da yawa suna ƙarar da rabin darasi a nan saboda kuskuren yana da saurin ji, alhali ba shi ne ke ɓata ciniki ba.

Abin da ke ɓata ciniki karin murya ne. Roƙon da aka faɗa da murya kwance, ko aka danna *please* da ƙarfi aka sauke murya a kanta, yana fita kamar na wanda ya ƙosa. Muryar ta ɗan hau a ƙarshe, a tausashe. Nan ɗalibanka suna da sa'a, domin kunnen Bahaushe ya saba da hawa da saukar murya, da shi yake rarrabe kalmomi. Ka faɗi layi na shida sau biyu, ɗaya da saukar murya mai nauyi, ɗaya da hawa, ka tambaye su wace ce a cikin matan biyu za su fi son yi wa ragi. Za su gane nan take. Daga nan ka riƙa ɗaga hannunka sama a ƙarshen kowane roƙo a matsayin alama, ba sai ka yi magana ba.

Yanzu sai zuciyar darasin, minti goma a kan bambancin *Can I* da *Could you*. Kada ka yi bayanin nahawu. Tambaya ɗaya ce za su riƙa yi wa kansu: wa zai yi aikin? In ni ne zan yi, izini nake nema, sai *Can I*, kamar Bahaushe ya ce "ko zan iya gani?" In wancan ne zai yi, sai *Could you*, kamar "ko za ka taimaka ka buɗe?" Kuskuren da za ka ji da yawa shi ne musanya su. Ɗalibi yana son a ba shi biro sai ya ce *Can I give me*, ko yana son ya zauna ya ce *Could you sit down*, wato ya roƙi wani ya zauna. Hanyar kama wannan ita ce ka aikata abin da ɗalibin ya faɗa daidai, ba abin da yake nufi ba. In ya ce *Could you sit down* sai ka zauna a kujerarka ka bar shi tsaye. Aji za su yi dariya, shi ma zai yi, kuma ba zai sake ba. Ka haɗa da alamar hannu: yatsa a ƙirji don *Can I*, tafin hannu a buɗe zuwa ga abokin magana don *Could you*.

Wani zai tambaye ka, musamman wanda ya taɓa zama a sakandare, cewa ai an koya musu *could* na abin da ya wuce ne. Ka ce masa gaskiya ne a wani wurin, amma a roƙo ba lokaci take nunawa ba, tausasawa take yi. *Can you* ma daidai ne, *Could you* ya fi ta laushi kaɗan, shi ya sa ya fi dacewa da baƙo ko babba. Ka tsaya nan. *May I* da *Would you mind* ka ajiye su sai sun yi nisa. Na biyun ma tarko ne ga mai koyo, domin wanda ya yarda da roƙon *No* yake cewa, kuma wannan zai rikita duk abin da ka gina yau.

Akwai wani tunani da ya kamata ka rushe a fili: cewa *please* ita ce "don Allah", saboda haka da zarar an saka ta komai ya gyaru. "Don Allah" tana da nauyi a Hausa, tana iya mayar da umarni roƙo ita kaɗai. *Please* ba ta kai nan ba. *Give me your number, please* ba zagi ba ne, a Najeriya ma kowa na faɗin irinsa, amma har yanzu ƙirarsa ta umarni ce, kuma a kunnen wanda ya saba da Turancin ofis ko na waje yana da kaushi. Ka rubuta matakai uku su gani da idonsu in lokacin allo ya zo: *Open it*, sai *Open it, please*, sai *Could you open it, please?* Ka tambaye su wanne za su faɗa wa ƙaramin yaron shago, wanne ga abokin aiki, wanne ga mai saye. Haka ma *I want*, wadda ita ce fassarar "ina son" kai tsaye. A wurin neman kaya ka ba su *Can I have* ta maye gurbinta.

Kada ka koyar da roƙo ba tare da amsarsa ba, domin yaran shago su ne aka fi roƙa. Bahaushe yana da "to", kalma ɗaya mai ɗaukar kusan komai, kuma ɗalibi zai nemi madadinta ya tsaya a kan *Yes* ƙwaya ɗaya. A amsar roƙo *Yes* ita kaɗai tana fita a bushe. *Sure* da *Of course* su ne "to" mai fara'a. *Here you are* kuma ba a fassara ta kalma-kalma, "ga shi" ce, ana faɗarta ne daidai lokacin da hannu ke miƙa abu, don haka kada ka bari kowa ya faɗe ta hannunsa babu komai. Su miƙa da hannun dama yadda suka saba, wannan ladabin ba ya buƙatar fassara.

Sai yanzu, bayan rabin sa'a, za ka rubuta hirar a allo. Minti goma ne. Su karanta tare sau ɗaya, rabin aji mai shago, rabi mai saye, sannan su musanya. Daga nan ka fara gogewa. Zagayen farko ka goge kalma ɗaya a kowane layi ka ja layi a gurbinta, su karanta kamar tana nan. Zagaye na biyu ka goge rabi. Na uku ka bar harafin farko na kowane layi kawai. Na huɗu allo fari fat, su kuwa suna ci gaba da "karantawa". Ɗalibanka da suka yi makarantar allo sun san wannan, an wanke allo amma karatu na nan a ka. Ka hana kwafa a littafi har sai an gama gogewa, in ba haka ba za su sunkuya su karanta daga cinyarsu. A ƙarshen darasi ka sake rubuta musu su kwafa. Game da rubuta furucin da baƙaƙen Hausa, kamar "gud monin", ra'ayina shi ne ka bar wanda yake so ya rubuta da fensir a littafinsa, amma kada ya hau allo. Yana taimakon tuni, sai dai yana janyo wasalin ƙari, sai ka ji "gudu monin".

Minti goma sha biyar na gaba nasu ne, kai ka yi shiru. Mutum 24 sun ba ka ƙungiya 12 ta mutum biyu-biyu. In akwai mata a ajin ka haɗa su da junansu in hakan ya fi musu sakewa, sai *sir* da *madam* su sauya daidai da wanda ke gaba. Su tashi tsaye, kowace ƙungiya da abin miƙawa a hannu, hula ce ko littafi. Su yi hirar sau biyu, su musanya matsayi, sannan kowa ya sauya aboki. Bayan minti biyar ka fara canza abu ɗaya-ɗaya. Launi da farko: *red*, *green*, *white*. Sai aikin da ake roƙo: *Could you fold it*, *Could you wait*, *Could you write it*. Sai lokaci. Kana zagayawa kana saurare, kada ka katse kowa a tsakiyar jimla. Ka riƙe kurakurai uku da suka fi yawa, ka gyara su ga aji duka ba tare da ambaton sunan mai kuskure ba. Magidanci da aka gyara a gaban yaransa na shago yana iya ƙin buɗe baki har ƙarshen zango.

Canjin lokaci yana buƙatar kulawa, domin agogon gaisuwar Turanci ba ya bin na Hausa. Mu da rana da lokutan salla muke aunawa, su da ƙarfe 12. *Good morning* tana tsayawa da ƙarfe 12 na rana daidai, tun ba a kira azahar ba, daga nan *Good afternoon* ta karɓa. *Good evening* a Turancin Ingila takan fara wajen ƙarfe 5 zuwa 6, a Najeriya kuwa mutane da yawa suna fara ta tun ƙarfe 4, wato bayan la'asar, kuma babu laifi su bi na gida. Babban kuskuren shi ne *Good night*. Ɗalibi ya san "barka da dare" gaisuwar haɗuwa ce, sai ya tari baƙo da ƙarfe 9 na dare da *Good night*, wanda yake daidai da ce masa "sai da safe" tun bai zauna ba. Ko ƙarfe 11 na dare ne, haɗuwa *Good evening* ce. Tunda ajinku na dare ne, ka mayar da shi doka: duk mai shigowa ya ce *Good evening*, duk mai fita ya ce *Good night*. Cikin mako guda zai zauna ba tare da wani darasi ba. A aji kuma ka zana agogo a allo, ka riƙa sauya hannunsa, su sake hirar da gaisuwar da ta dace.

Za su tambaye ka yadda ake cewa ina gajiya, ina iyali, ya kasuwa, sannu da aiki, ranka ya daɗe. Amsar gaskiya ita ce da baƙon da ba ka sani ba, *How are you?* ɗaya ta ɗauke su duka, kuma kamar "lafiya lau" amsarta ba rahoton lafiya ba ce. Abin da suke mantawa shi ne mayar da tambayar, *And you?*, wanda rashinsa ke sa gaisuwar ta yanke. Ranka ya daɗe ba ta da madadi, *sir* da *madam* ko *ma* su ne iyakar abin da ke akwai, haka kuma "ku" na girmamawa, domin *you* ɗaya ce ga yaro da sarki, mace da namiji. Sauran kuwa suna da siffofinsu a Turancin Najeriya: *How was your night?* a madadin ina kwana, *Well done* ga mai aiki a madadin sannu da aiki, *Sorry* ga wanda ya yi tuntuɓe, *You're welcome* ga wanda ya iso. Kada ka ce musu waɗannan kuskure ne, domin masu sayensu daga Legas ko Anacha haka za su faɗa musu kuma dole su gane. Ka dai sanar da su cewa a wajen ƙasar nan *Well done* yabo ne ga wanda ya yi abin kirki, *You're welcome* amsar godiya ce kamar yadda take a hirarmu, tambayar yadda dare ya kasance kuma tana iya zama shisshigi ga baƙo. A darasin farko ka tsaya kan siffar da ke aiki a ko'ina.

Layuka biyu ne suka rage, kuma su ne maganin daburcewa. Mai saye ta gaske ba ta haddace hirarka ba, za ta faɗi abin da ba ya ciki. Ɗalibin da ba shi da abin cewa a nan zai yi murmushi ya ce *Yes* ga abin da bai ji ba, ko ya ruga neman wani. Ka ba su *Sorry, could you say that again, please?* da *Could you speak slowly, please?* Ƙirarsu ɗaya da wadda suka riga suka koya, don haka ba sabon nauyi ba ne. Ka gwada su ta hanyar yin magana da sauri da gangan, ko ka rufe bakinka da hannu, har sai wani ya tsayar da kai da ɗaya daga ciki. Wanda ya fara yi ka yaba masa a fili, domin da yawa suna ganin neman a maimaita abin kunya ne. Ka haɗa musu da hanyar ƙin roƙo, tunda ba kullum kaya ke nan ba: *I'm sorry, we don't have it.* Ka lura musu cewa *No* tsurarta a nan tana da zafi fiye da "babu" ta Hausa. Bambancin *Sorry* da *Excuse me* kuma a taƙaice: ta biyun kamar "gafara dai" ce, da ita ake jawo hankalin mutum kafin a roƙe shi ko a nemi hanya, ta farkon kuma ta ban haƙuri ce.

Minti biyar na ƙarshe gwaji ne, kuma ba a shagon atamfa za a yi shi ba, domin wanda ya maimaita hirar daidai ya nuna hadda ne kawai. Ka sauya wuri da Hausa: yanzu kana banki, ƙarfe 2 na rana, kana son aron biro daga wanda ke kusa da kai, sannan kana son ya nuna maka inda za ka sa hannu. Ka kira mutum uku ko huɗu. Abu uku kake saurare: gaisuwar ta dace da lokaci, roƙon ya zo a ƙirar tambaya, an kuma zaɓi *Can I* ko *Could you* daidai da wanda zai yi aikin. A wannan gwajin za ka ji *Borrow me your pen*, saboda a Hausa tushe ɗaya ne ke ba da "ari" da "ara wa", alhali Turanci ya raba su kalma biyu. Kada ka buɗe babin *lend* yanzu, ka ba su *Can I borrow your pen, please?* a dunƙule. In uku cikin huɗu sun tsallake abubuwa ukun nan, darasi na gaba ya zama na farashi da lambobi, a ɗora shi a kan wannan hirar daga layi na bakwai. In ba su kai haka ba, ka sake ta da wasu kaya a kan tebur, hula ko takalmi, ka rage maimaitawar taro zuwa minti biyar, ka ƙara sauran a kan aikin mutum biyu-biyu.